Inda Za a Yanka: Yadda Kwamfuta Ke Gano Lambar Tsakiya a Jeri Biyu Ba Tare da Ta Haɗe Su Ba

A ce makaranta tana da azuzuwa biyu da suka rubuta jarrabawa iri ɗaya. Malamin kowane aji ya kawo takardarsa, ya riga ya jera makin ɗalibansa daga ƙarami zuwa babba. Aji na farko ɗalibai 5 ne, na biyu kuwa 8. Shugaban makaranta yana son ya san makin da ya tsaya a tsakiya in an haɗa ɗaliban 13 wuri guda, wato makin da ɗalibai shida ke ƙasa da shi, shida kuma ke sama da shi.

Da ɗalibai 13 abin ba ya ɗaga hankali. Sai a ɗauki biro a sake jera su a sabuwar takarda, a ƙirga zuwa na bakwai. Amma in jerin nan biyu kowanne yana ɗauke da lambobi miliyan guda fa? Masana kwamfuta suna da dabarar da ke ba da amsa a cikin mataki kamar 20, tana duba lambobi huɗu kacal a kowane mataki, sauran kuwa ko kallon su ba ta yi. Sirrinta shi ne sauya tambayar: maimakon a tambayi wace lamba ce ke tsakiya, sai a tambayi a ina za a yanka kowane jeri.

Me ya sa ake neman lambar tsakiya?

Yawancinmu mun fi sabawa da matsakaici, inda ake tara lambobi duka a raba da yawansu. Matsalarsa ita ce lamba ɗaya tilo tana iya jan sa ta kai shi inda ba kowa. Mutum biyar, huɗu daga cikinsu suna samun naira 3,000 da 3,500 da 4,000 da 4,500 a rana, na biyar yana samun 85,000. Jimla 100,000 ce, matsakaici 20,000. To a cikinsu wa ke samun 20,000? Babu ko ɗaya. Lambar tsakiya kuwa 4,000 ce, kuma ita ta fi kusa da halin da yawancinsu ke ciki. Shi ya sa masu ƙididdigar albashi da farashin gidaje suke yawan dogara da ita.

Ƙa'idarta mai sauƙi ce. In yawan lambobin mara ne, kamar 13, akwai guda ɗaya a tsakiya, ita ce amsa. In cika ne, kamar 14, biyu ne ke tsakiya, sai a haɗa su a raba biyu.

Hanyar da kowa zai fara tunani

Ga jerin namu biyu, za mu kira gajeren A, dogon kuma B:

```
A: 12  25  41  58  77
B: 18  30  36  44  52  63  70  85
```

Hanya ta farko ita ce haɗewa. Ka ɗora yatsa ɗaya a farkon A, ɗaya a farkon B, ka ɗauki ƙaramar cikin lambobin biyu, ka matsar da wannan yatsan gaba, ka sake kwatantawa. Za ka samu 12, 18, 25, 30, 36, 41, 44, kuma da ka kai ta bakwai sai ka tsaya. Amsa 44. Hanyar ba ta kuskure, amma dole ka taka rabin lambobin gaba ɗaya kafin ka isa. In jerin biyu miliyan-miliyan ne, mataki miliyan guda ke nan. Duk lokacin da bayanai suka ninka, aikin ma sai ya ninka.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya mai ruɗi, wadda mutane da yawa ke faɗawa cikinta: a nemo tsakiyar A, a nemo tsakiyar B, a haɗa a raba biyu. Tsakiyar A 41 ce, tsakiyar B 48 ce, matsakaicinsu 44.5. Ya yi kusa da 44, kuma kusancin ne ke yaudara. Gwada da wasu jerin: ɗaya yana da 5 da 9, ɗayan yana da 20, 31, 47, 56, 60. Tsakiyarsu 7 da 47, matsakaici 27, alhali amsar gaskiya 31 ce. Wannan lissafi ba shi da tushe, domin ya ba wa jeri mai lamba biyu nauyi daidai da mai lamba biyar.

Sauya tambayar

Mu koma kan abin da lambar tsakiya take yi. Tana raba ɗaliban gida biyu ne: ƙungiyar hagu ta masu ƙananan maki, da ƙungiyar dama ta masu manya. A misalinmu, bari mu sa bakwai a hagu, shida a dama, ta yadda wanda ya fi kowa maki a hagu shi ne na bakwai, shi ne kuma amsarmu.

Yanzu a lura da abu guda. Mutum bakwai na hagu, wasu daga A suka fito, wasu daga B. Tunda kowane jeri a jere yake, waɗanda suka fito daga A dole su zama na farkon A a jere, ba tsallake. Ba zai yiwu mai 41 ya shiga ƙungiyar ƙananan maki a bar mai 25 a waje ba. Haka ma a B. Ke nan ƙungiyar hagu ba komai ba ce illa wani yanki na farkon A da wani yanki na farkon B. Abin da ya rage shi ne a san inda wuƙa za ta sauka a kowanne.

Abu na biyu shi ne mafi daɗi. Yankan biyu a ɗaure suke da juna. In ka ɗebi 2 daga A, dole ka ɗebi 5 daga B don su cika bakwai. In ka ɗebi 4 daga A, sai 3 daga B. Da zarar ka zaɓi ɗaya, ɗayan ya zaɓi kansa. Saboda haka duk matsalar ta dawo tambaya ɗaya tak: mutum nawa za a ɗauka daga A? Amsoshin da za su yiwu shida ne: 0, 1, 2, 3, 4 ko 5. Masu rubuta manhaja sukan kira wannan adadi `i`, na B kuma `j`, kuma kullum `j = 7 - i` a misalinmu.

Lambobi huɗu ne alƙalai

Ta yaya za a san an yanka daidai? Sharaɗin shi ne duk wanda ke hagu kada ya fi kowa da ke dama. Wannan ya yi kama da aikin da ke buƙatar a duba kowa, amma ba haka ba ne. A cikin A, hagu ba zai fi dama ba, tunda a jere suke. Haka ma a cikin B. Inda za a iya samun saɓani shi ne tsakanin jerin biyu. Don haka lambobi huɗu da ke bakin yankan su kaɗai ne za a duba: ta ƙarshe a hagun A, ta farko a daman A, ta ƙarshe a hagun B, ta farko a daman B.

Tambayoyi biyu ake yi, a gicciye. Na ɗaya: ta ƙarshe a hagun A ba ta fi ta farko a daman B ba? Na biyu: ta ƙarshe a hagun B ba ta fi ta farko a daman A ba? In duka biyun sun amsa e, an gama.

In kuwa ɗaya ta faɗi, faɗuwar tata ce ke nuna hanya. Idan ta ƙarshe a hagun A ta yi girma da yawa, an ɗebo fiye da kima daga A, sai a ja yankan A baya. Idan ta ƙarshe a hagun B ce ta yi girma, an ɗebo fiye da kima daga B, wato A ce aka rage wa, sai a tura yankan A gaba. Wannan ishara ba yanka ɗaya kawai take sokewa ba. In ɗaukar 2 daga A ya yi kaɗan, to ɗaukar 1 da 0 sun fi shi kaɗan, ba sai an gwada su ba. Haka mai neman kalma a ƙamus yake yi: ya buɗe tsakiya, ya ga kalmar tana gaba, ya bar dukan shafukan baya ba tare da ya karanta ko ɗaya ba. Ana kiran wannan salo binciken raba-biyu, domin kowane gwaji yana zubar da rabin abin da ya rage.

Wani zai ce, to in tambayoyin biyu suka faɗi tare fa, ina za a nufa? Hakan ba ya taɓa faruwa. Da zai faru, da ta ƙarshe a hagun A ta fi ta farko a daman B, wadda ita kuma ba ta gaza ta ƙarshe a hagun B ba, wadda ita kuma ta fi ta farko a daman A. Ke nan lambar da ke hagun A ta fi wadda ke biye da ita a cikin A ɗin, abin da jeruwar A ta haramta. Saboda haka kullum hanya ɗaya ce a buɗe.

Gani ya kori ji

Mu bi misalin mataki-mataki. Zaɓin da muke da shi daga 0 ne zuwa 5. Tsakiyarsu, in an zubar da ragowa, 2 ce. Mu ɗauki 2 daga A, 5 daga B:

```
A: 12  25 | 41  58  77
B: 18  30  36  44  52 | 63  70  85
```

Tambaya ta farko: 25 ba ta fi 63 ba? Haka ne, ta wuce. Ta biyu: 52 ba ta fi 41 ba? A'a, ta fi ta. Mai maki 52 yana zaune cikin ƙananan, mai 41 yana cikin manyan, abin ya karkace. An ɗebo da yawa daga B. Don haka 0, 1 da 2 duk sun fita, saura 3, 4 da 5. Tsakiyarsu 4 ce. Mu ɗauki 4 daga A, 3 daga B:

```
A: 12  25  41  58 | 77
B: 18  30  36 | 44  52  63  70  85
```

Tambaya ta farko: 58 ba ta fi 44 ba? Ta fi ta. Yanzu mun zarce, mun ɗebo da yawa daga A. Ke nan 4 da 5 sun fita, saura 3 kaɗai. Mu ɗauki 3 daga A, 4 daga B:

```
A: 12  25  41 | 58  77
B: 18  30  36  44 | 52  63  70  85
```

41 ba ta fi 52 ba, 44 ba ta fi 58 ba. Yanka ya zauna. Mafi girma a hagu ko dai 41 ce ko 44, wato 44, daidai da abin da haɗewa ta ba mu. A duk wannan tafiya ba mu taɓa duba 12 da 18 da 30 da 70 da 85 ba.

Da a ce wani ɗalibi mai maki 90 ya ƙaru a B, sun zama 14, bakwai a hagu bakwai a dama. Yankan yana nan inda yake. Bambancin kawai shi ne yanzu ana buƙatar lambobi biyu na tsakiya: mafi girma a hagu, 44, da mafi ƙanƙanta a dama, wato ƙaramar cikin 58 da 52. Haɗa 44 da 52 ka raba biyu, 48 ke nan. Dabarar da ke sa lissafi ɗaya ya yi wa mara da cika aiki ita ce ƙara 1 a kan jimla kafin a raba biyu a zubar da ragowa: 13 ta ba da 7, 14 ma ta ba da 7.

Idan yanka ya faɗa a baki

Wani lokaci gajeren jerin gaba ɗayansa yana gefe guda. Mu dawo kan 5 da 9 a A, da 20, 31, 47, 56, 60 a B. Lambobi bakwai ne, huɗu za su tafi hagu. Gwajin farko shi ne 1 daga A, 3 daga B. Sai a ga 47 a hagu, 9 a dama, ba ta yiwu ba. A tura gaba: 2 daga A, 2 daga B. To yanzu daman A babu kowa, da wa za a kwatanta 31?

Maganin shi ne a ɗauka akwai wata lamba a can wadda ta fi kowace lamba girma, in kuma hagu ne ya zama wayam, a ɗauka akwai wadda ta gaza kowace lamba. Ma'anar a bayyane take: wurin da babu kowa ba zai saɓa wa sharaɗi ba. Da haka 9 ba ta fi 47 ba, 31 ba ta fi marar iyaka ba, amsa kuma ita ce babbar cikin 9 da 31, wato 31.

Ga dukan dabarar a harshen Python:

```python
def tsakiya(a, b):
    if len(a) > len(b):
        a, b = b, a
    m, n = len(a), len(b)
    rabi = (m + n + 1) // 2
    kasa, sama = 0, m
    inf = float("inf")
    while kasa <= sama:
        i = (kasa + sama) // 2
        j = rabi - i
        a_hagu = a[i-1] if i > 0 else -inf
        a_dama = a[i] if i < m else inf
        b_hagu = b[j-1] if j > 0 else -inf
        b_dama = b[j] if j < n else inf
        if a_hagu > b_dama:
            sama = i - 1
        elif b_hagu > a_dama:
            kasa = i + 1
        elif (m + n) % 2 == 1:
            return max(a_hagu, b_hagu)
        else:
            return (max(a_hagu, b_hagu) + min(a_dama, b_dama)) / 2
```

Dalilin farawa da gajeren jeri

Layuka biyu na farko a cikin aikin suna musanya jerin don A ta zama gajeriya. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka don sauri ne kawai. Saurin yana ciki, amma babban dalilin shi ne kada `j` ta fita daga iyaka. A ce an yi binciken a kan jeri mai lamba 10, ɗayan kuma yana da 2 kacal. Shida ake buƙata a hagu. In bincike ya kai ga ɗaukar 2 daga dogon, za a nemi 4 daga gajeren da ba shi da su. In ya kai ga ɗaukar 8, za a nemi abin da bai kai sifili ba, wato −2. A wasu harsunan manhaja wannan yana sa aikin ya tsaya da kuka. A Python abin ya fi haɗari, domin lambar gurbi mai alamar ɗebewa halas ce, ƙirgawa take yi daga ƙarshen jeri, sai a karanto lambar da ba ita ba kuma babu wani gargaɗi. In kuwa A ce gajeriya, ko nawa aka ɗauka daga cikinta, B tana da isassun da za su cike sauran.

Wannan shi ne wurin da bambancin tsawo ya ƙara wa matsalar wuya. A shahararren littafin nan na jami'a, Introduction to Algorithms, wanda aka fara bugawa a 1990, akwai atisayen da ya nemi a warware ta ga jeri biyu masu tsawo ɗaya. A can ana iya kwatanta tsakiyar kowanne, a zubar da rabin wannan da rabin wancan, tunda rabin biyu daidai suke. Da tsawo ya bambanta, rabin dogon ya fi rabin gajeren, in aka zubar da su haka kawai sai tsakiyar ta goce. Dabarar yanka ta kauce wa wannan tarko domin ta ɗaure adadin hagu tun daga farko. A wannan siffa mai wuya ce matsalar ta zama ta 4 a dandalin atisaye na LeetCode, inda aka sa ta cikin rukunin masu tsanani, kuma masu shirin ganawar neman aikin manhaja suke yawan fama da ita.

Saurin nawa ne?

Kowane mataki yana rage zaɓin da rabi. Tambayar ita ce sau nawa za a raba adadi biyu kafin ya koma ɗaya, kuma wannan shi ake kira logaridim. Ninka 2 sau 10 yana ba da 1,024, sau 20 yana ba da 1,048,576. Ke nan gajeren jeri mai lamba 1,000 yana buƙatar mataki kamar 10, mai miliyan guda kamar 20, mai biliyan guda kamar 30. Bayanai su ninka, aiki ya ƙaru da mataki ɗaya kacal. A rubuce-rubucen masana za a ga an rubuta wannan a matsayin `O(log(min(m, n)))`.

A lura cewa tsawon dogon jerin bai shiga lissafin ba. Jeri mai lamba 1,000 da wani mai biliyan guda, mataki kamar 10 ne dai, karatu kamar 40. Dabarar kuma ba ta buƙatar wurin ajiye sabon jeri, 'yan lambobi kaɗan take riƙewa. Wannan yana da tasiri sosai idan bayanan suna kan faifai ko a wata na'ura mai nisa, inda kowane karatu ɗaya ke cin lokaci.

Inda ake tuntuɓe

Tunanin a tsabtace yake, amma rubuta shi daidai ya kayar da gwanaye. Tuntuɓe na farko shi ne lambobi masu maimaituwa. Wanda ya rubuta sharaɗinsa da cewa dole hagu ya gaza dama, maimakon kada ya fi ta, zai ga aikinsa ya tafi lafiya har ranar da aka ba shi 7, 7 da 7, 7. A nan babu yankan da hagu zai gaza dama, sai aikin ya ƙare babu amsa, ko ya yi ta zagaye. Makin jarrabawa da farashin kaya kuwa cike suke da maimaici.

Na biyu shi ne mantawa da `+ 1` ko `- 1` wajen matsar da iyaka. In aka rubuta `kasa = i` kawai, to lokacin da zaɓi biyu suka rage, tsakiyarsu za ta riƙa faɗawa kan na ƙasan, a gwada shi, a sake dawowa kansa har abada. Alamar ita ce manhajar ta sandare ba ta ba da amsa ba, ba ta kuma yi kuka ba.

Na uku yana wurin rabawa ta ƙarshe. A harsuna irin su C da Java, raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba yana zubar da ragowa. Tsakiyar 44 da 53 ya kamata ta zama 48.5, amma sai ta fito 48. Misalinmu na 44 da 52 ba zai tona wannan ba, domin jimlarsu 96 tana rabuwa daidai.

Na huɗu sai jeri ya girma ƙwarai yake bayyana. A Java, gurbin `int` ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. In iyakar ƙasa da ta sama suka yi girma, haɗa su yana malala ya koma lamba mai alamar ɗebewa. A shekarar 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa wannan kuskuren yana cikin binciken raba-biyu na ɗakin kayan aikin Java kansa, wanda shi ya rubuta, ya kuma kwana shekaru a ciki kafin a gano. Maganin shi ne a rubuta `kasa + (sama - kasa) / 2`. Python ba ta da wannan matsala, domin cikakkun lambobinta suna faɗaɗa gwargwadon buƙata.

Hanyar kama duk waɗannan ɗaya ce, kuma mai arha. A rubuta hanyar haɗewa mai jinkiri, wadda wuya a yi kuskure a cikinta, a samar da dubban ƙananan jeri na kan-mai-uwa-da-wabi, a jera su, a ba hanyoyin biyu, a kwatanta amsoshinsu. A tabbata cikin gwajin akwai jeri wayam, da mai lamba ɗaya, da masu maimaici, da waɗanda ɗaya ke ƙasa da ɗayan gaba ɗaya. In duka biyun wayam ne, babu lambar tsakiya, kuma kod ɗin da ke sama zai dawo da `nan`, don haka gara a tare wannan tun daga ƙofa.

Iyakar dabarar

Duk ƙarfin dabarar daga jeruwa yake fitowa. In jeri ɗaya ba a jere yake ba, za ta iya ba da amsar ƙarya da cikakken ƙarfin gwiwa, domin ba ta duba isassun lambobin da za ta gane ba. Tabbatar da jeruwa kuma yana buƙatar a karanta kowace lamba, wanda shi ne aikin da ake gudu. Saboda haka ta dace da bayanan da dama can a jere ake ajiye su. In a warwatse suke, akwai dabarar zaɓe cikin sauri da Tony Hoare ya wallafa a 1961, wadda ke nemo lambar tsakiya ba tare da ta jera komai ba, kodayake dole ta taɓa kowace lamba.

Sharaɗi na biyu shi ne a iya tsallakawa kai tsaye zuwa kowane gurbi. In bayanan a sarƙe suke ta yadda sai an bi ta na ɗaya kafin a kai na biyu, isa tsakiya kaɗai ya cinye ribar.

Amfaninta kuma bai tsaya ga tsakiya ba. Babu abin da ya tilasta a sa bakwai a hagu. Sa uku, ka samu ɗalibi na uku daga ƙasa. Sa kashi 90 cikin 100 na jimla, ka samu makin da ya raba kashi goma na sama da sauran, muddin ka daidaita iyakokin binciken don kada a nemi abin da jeri ba shi da shi. Da irin wannan yankan ne ake raba aikin haɗe manyan jeri biyu tsakanin injinan lissafi da yawa: a yanka su gida huɗu ko takwas daidai wa daida, kowane inji ya haɗe nasa kason ba tare da ya jira ɗan'uwansa ba.

Ga shugaban makarantar da ke da ɗalibai 13, biro da takarda sun wadatar, haka ma mai manhajar da jerinsa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, haɗewa ta fi masa sauƙi da aminci. Dabarar yanka ta manyan bayanai ce da aka riga aka jera. Mai karatu da ke son ya mallake ta, ya rubuta jeri biyu nasa masu tsawo daban, ya ja layin yanka da hannu, ya yi tambayoyin nan biyu a kowane mataki, sa'an nan ya haɗe jerin ya gani ko amsar ta yi daidai. Sai ya iya ta a takarda tukuna ya zauna gaban kwamfuta.